Wasiƙa zuwa ga malamin gona kan attarugun da ganyensa ke yin rawaya

Talata Mafara, Jihar Zamfara
14 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Malam Bello, malamin gona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki. Yaya sanyi? Allah ya sa mu ga wucewarsa lafiya.

Malam, attaruguna ne ba lafiya, shi ya sa na rubuto maka. Gonar ita ce wadda ka sani, rabin ekar nan da nake noman rani da ruwan Bakalori. Na dasa shi ƙarshen Nuwamba, ya kama da kyau, na sa masa kamfa tiya 6. Daga tsakiyar Disamba sai ganye ya fara sauya launi, yanzu kuwa abin ya kusa cin kashi ɗaya cikin uku na gonar.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne rawayar iri biyu ce. Ta farko a ganyen ƙasa take, tsofaffin. Ganyen yakan koɗe gaba ɗaya, ya yi rawaya, ya faɗi, amma na sama yana nan kore. Wannan na ɗauka yunwar taki ce, na ba shi yuriya, kuma fangalan da ke tudu sun farfaɗo. Na gangare, inda ƙasar laka ce kuma ruwa ke kwana, ba su ji takin ba ko kaɗan. Da rana sukan yi yaushi alhali ƙasar jiƙe take. Na tuge guda na duba, saiwar ta yi baƙi-baƙi, bawonta yana saɓulewa a hannu.

Ta biyun ita ke hana ni barci. A sabon toho take, can kan shukar. Ganyen yana fitowa ƙanana, da dabbare-dabbaren rawaya da kore, gefensa ya nannaɗe sama kamar cokali. Shukar ta tsugune, ba ta ƙara tsawo, furen yana kakkaɓewa, 'ya'yan da suka samu suka ƙulla kuma ƙanana ne a murɗe. Idan na girgiza reshe da safe, wasu fararen ƙudaje mitsi-mitsi sukan tashi daga bayan ganyen. A wasu kuma akwai darɓa, ganyen yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Wannan rawayar ta faro daga gefen da ke maƙwabtaka da tumatirin ɗan'uwana, wanda ya riga ni dashe, kuma na lura nasa ganyen ma ya nannaɗe. Dashen kuwa ba ni na rene shi duka ba, na ciko da wanda na saya a kasuwa.

Kowa da abin da yake gaya mini. Wani ya ce sanyin hunturu ne, zai sake idan zafi ya shigo. Wani ya ce in ƙara yuriya. Mai maganin feshi a kasuwar Talata ya ba ni wata kwalba, na fesa, ƙudajen suka ragu sannan suka dawo, ganyen da ya nannaɗe kuma bai miƙe ba. Ni a ganina sanyi ba ya zaɓar gefe ɗaya na gona ya bar ɗaya, shi ya sa maganar ba ta kwanta mini ba.

To Malam, mene ne sanadin wannan? Cuta guda ce ta fito da fuska biyu, ko kowace da nata dalilin? Ƙudajen nan su ke kawo nannaɗewar? In su ne, wanda ya riga ya kamu yana warkewa, ko sai dai in tuge shi in ƙone don in tsirar da sauran? Ka faɗa mini gaskiya ko da ba daɗi, domin tuge shukar da na yi wa wahala ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba zan yi ba sai da maganarka. Na gangaren kuma, in rage ban ruwa ne, ko in yanka masa hanyar da ruwan zai tsiyaye?

Kuɗin taki da na feshi bashi na ci, da alkawarin biya idan an fara tsinka. Ba ni da halin ƙara kashe ko sisi a kan abin da ban san kansa ba, don haka na dakatar da taki da feshi har in ji daga gare ka.

Na ba ɗana Lawali shuka uku da saiwarsu a leda ya kawo maka tare da wannan takarda: ta tudu, ta gangare, da mai nannaɗewa. In da hali ka zo ka gani da idonka, kullum ina gonar daga safe har azahar, kuma Lawali zai ɗauko ka a babur.

Allah ya saka da alheri. A gaida mutanen gida.

Naka,
Garba Maitarugu