Rahoto kan sanarwar rangwame da ta fita sau biyar a shafinmu

Zuwa ga Manajan Talla
Daga Sashen Fasaha

Ranka ya daɗe,

Jiya Juma'a, sanarwar rangwamen shadda ta kashi 15 cikin ɗari ta fita sau biyar a shafinmu na Facebook: ƙarfe 9:00 na safe, 9:02, 9:04, 9:06 da 9:08. Mai kula da saƙonni ce ta lura da ƙarfe 9:25, muka dakatar da manhajar da ke wallafa mana sanarwa da 9:31.

Ga yadda abin ya faru. Manhajar tana ɗauko duk sanarwar da ke da alamar `pending` a jadawali, ta tura, ta jira amsa mai ɗauke da lambar wallafa, sannan ta mayar da alamar `sent`. Saitinta kuwa shi ne:

```
timeout = 10
max_retries = 4
retry_delay = 120
```

Wato daƙiƙa 10 kawai take jira. Hoton jiya ya kai megabait 9, alhali wanda muka saba turawa bai cika ɗaya ba, don haka amsa ta yi jinkiri. Sanarwar ta riga ta hau shafi, amma manhajar ta ɗauka ba ta tafi ba, ta sake turawa bayan minti biyu, har sau huɗu. A ganinmu girman hoton ya tona matsalar ne kawai. Ainihin aibin shi ne manhajar ba ta duba shafi kafin ta maimaita, kuma ko intanet ce ta yi nauyi haka za a samu.

Mun goge huɗu, mun bar ta 9:00. Kafin gogewa mun kwafe duk odar da aka rubuta a ƙarƙashinsu tare da lokacin kowace. Ba a kashe kuɗin talla a kan ko ɗaya ba.

Inda muke buƙatar hukuncinka shi ne alkawarin da sanarwar ta yi cewa rangwamen na "mutum 20 na farko" ne. Kowace sanarwa ta tara nata mutanen, kuma bayan cire sunayen da suka maimaitu sun zama 47, kowa yana ganin ya shiga sahu. Ko dai a bi lokaci a tsaya a 20, ko a ba duka 47. Shawararmu a ba su duka. A kan shaddar naira 40,000, rangwamen 6,000 ne, ƙarin mutum 27 ya kama naira 162,000, kuma bakin waɗanda aka hana zai fi haka tsada gab da Sallah.

Yanzu mun mayar da `max_retries` sifili, jira kuma daƙiƙa 60. Zuwa Talata manhajar za ta riƙa sa alamar `sending` kafin ta tura, ta duba shafi kafin ta maimaita, ta kuma rage duk hoton da ya wuce megabait ɗaya. Kafin nan da hannu za mu wallafa.

Muna jiran amsarka kan mutum 47 ɗin kafin la'asar ta yau, domin sun fara tambaya.