Takardar Bayanin Littafin da Na Karanta

Ƙungiyar Masu Karatu, Aji Ɗaya na Ƙaramar Sakandare, Zango na Biyu

Daga Malama Rabi zuwa ga 'yan ƙungiya

'Ya'yana, duk wanda ya kai shafin ƙarshe na littafinsa, ya ɗauki wannan takarda ya cike ta kafin labarin ya huce a ransa. Ku rufe littafin ku ajiye shi gefe, kada ku buɗe sai in sunan wani gari ko wani mutum ya shige muku. Abin da aka buga a bayan bango na riga na karanta, don haka kada ku kwafo mini shi. Abin da nake nema shi ne abin da labarin ya bari a zuciyarku, da bakinku, ko da akwai kuskuren rubutu. In layi ya kasa, ku juya bayan takarda.

KASHI NA ƊAYA: NI DA LITTAFINA

Sunana: Hafsatu

Shekaruna: 12

Sunan littafi: Shaihu Umar

Marubuci: Abubakar Tafawa Ɓalewa

Shekarar da ya fara fitowa (ku duba shafukan farko, ko ku tambaye ni): 1934

Kwana nawa kuka yi kuna karanta shi? Kwana 9. Ina karantawa bayan na dawo daga Islamiyya, kafin magariba.

Wa ya zaɓa muku shi, ko me ya ja hankalinku?

Ni na zaɓa. Na ga sunan marubucin sai na tuna shi ne hotonsa yake jikin naira biyar. Da na san dai Firayim Minista ne, ban san ya rubuta littafi ba.

Abu ɗaya da kuka gano game da marubucin:

Malamin makaranta ne a Bauchi lokacin da ya rubuta littafin. Babana ya ce an yi gasar rubuta labaran Hausa a 1933, daga Zariya aka shirya ta, wannan littafi yana cikin waɗanda aka zaɓa aka buga. Daga baya marubucin ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a watan Janairu na 1966.

KASHI NA BIYU: INA, KUMA YAUSHE?

A ina labarin ya faru? Ku jera garuruwan yadda tauraron labarin ya bi su.

Kagara, Kano, sai Ber Kufa a ƙasar Masar, sai Tarabulus, sai cikin hamada, a ƙarshe Rauta a ƙasar Bauchi. Akwai kuma Makarfi da Fatika da Murzuk, amma waɗannan mahaifiyar Umar da mijinta Makau ne suka je.

A zamaninmu ne ko zamanin da? Me ya nuna muku?

Zamanin da ne, lokacin da ake kai hari a kamo mutane a sayar. Babu mota, babu waya. Da dawaki da raƙuma da ƙafa ake tafiya.

Ku nemo gari ɗaya daga cikinsu a taswirar da ke bangon aji. Me kuka gani?

Na nemo Tarabulus. Ita ce babban birnin Libiya, a bakin teku take. Na sa yatsa a Kano, na ja shi sama har can, duk tsakaninsu launin rairayi ne. Murzuk ma a Libiya take, amma can ƙasa, cikin hamada.

KASHI NA UKU: MUTANEN CIKIN LABARI

Wane ne tauraron labarin? Ku siffanta shi da kalmomi uku, kowace ku kawo dalili.

Umar ne. Maraya, domin mahaifinsa ya rasu tun bai san shi ba. Mai haƙuri, domin an yi ta wucewa da shi daga hannu zuwa hannu bai zama mugu ba. Mai ilimi, domin ya yi karatun Alƙur'ani da littattafai har ya zama shaihi, almajirai suna zuwa ɗaukar karatu wurinsa.

Wa kuka fi so, ban da tauraron?

Mahaifiyarsa. A gaskiya, Malama, na fi son ta a kan Umar ɗin ma. Shi ɗaukarsa aka yi ta yi ana kai shi wurare, ita kuwa da ƙafarta ta fita neman ɗanta, ba wanda ya sa ta.

Wa ya fi ba ku haushi?

Ado, wanda ya yaudare ta da cewa zai kai ta wurin ɗanta. Fadawan da suka yi wa Makau sharri ma sun ba ni haushi, amma na Ado ya fi, domin ya ga mace tana kukan ɗanta, kuma wannan kukan ya kama ya cuce ta da shi.

Akwai wanda kuka kasa yanke hukunci a kansa, nagari ne ko a'a?

Abdulkarim, Balaraben da ya tafi da Umar Masar. Ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi makaranta. Amma kuma fataucin bayi na cikin sana'arsa, kuma shi ya ƙara nisanta yaro da uwarsa. Na tambayi yayana, ya ce mutumin kirki ne kawai. Ni ban yarda da "kawai" ɗin ba. Sauran yaran da bai mai da su 'ya'yansa ba fa?

KASHI NA HUƊU: YADDA LABARIN YA GUDANA

Farko. Yaya aka buɗe labarin, kuma wace matsala ce ta taso?

Shaihu Umar yana zaune a Rauta yana ba da karatu, sai almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi ne ya ba su labarin rayuwarsa da bakinsa. Bayan rasuwar mahaifinsa, uwarsa ta auri Makau, wani bafaden sarki. Sarki yana son Makau, sauran fadawa suka yi masa hassada. Da aka dawo daga hari suka ce ya ɓoye bayi, sarki ya kore shi daga gari.

Tsakiya. Ku kawo manyan abubuwa uku ko huɗu, kada ku kawo komai da komai.

Makau ya sami wurin zama a Makarfi. Uwar Umar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar shi wurin ƙawarta, sai wani mutum ya sace shi. A daji kura ta cinye ɓarawon, yaron ya tsira, wasu mutane suka tsince shi suka riƙe. Sai mahara suka sake kama shi suka kai shi Kano, daga can Abdulkarim ya tafi da shi Ber Kufa. Uwarsa ta biyo sawu, aka yaudare ta, ita ma ta zama baiwa, aka bi da ita Murzuk har ta kai Tarabulus.

Ƙarshe. Yaya aka kwance kullin?

Umar ya girma ya zama malami, ya yi mafarki wanda ya tayar masa da begen uwarsa, ya kama hanyar gida. A Tarabulus suka haɗu, tana cikin wahala da ciwo, ba a daɗe ba ta rasu. Ya ci gaba da tafiya cikin ayari, guguwar rairayi ta binne mutanen, shi ya tsira. A ƙarshe ya zauna a Rauta.

KASHI NA BIYAR: ABIN DA KE RANKU

(Wannan kashi na fi ba wa maki. Babu amsar da za a ce kuskure ce, in dai kun kawo dalili.)

Wane wuri ne ya sa kuka ajiye littafin kuka yi shiru?

Inda suka haɗu a Tarabulus. Tun daga tsakiyar littafin nake addu'a su haɗu. Da suka haɗu na yi murna, na ɗauka zai kawo ta gida ta huta, ta ga jikokinta. Da ta rasu na shiga ɗakin Inna na kwanta kusa da ita, tana tsince shinkafa, ta ce lafiya? Na ce lafiya lau. Ban iya gaya mata ba sai washegari.

Da ku ne marubucin, me za ku canja?

Zan bar uwar ta rayu ko da shekara ɗaya ce tare da ɗanta. Kuma zan ba ta babi nata, ita ta ba da labarin da bakinta, domin Umar bai ga wahalar da ta sha da idonsa ba, ji ya yi.

Tambaya ɗaya da za ku yi wa wani a cikin labarin:

Zan tambayi ƙawar da aka bar wa Umar: da wane baki kika gaya wa uwarsa? Kuma ta yafe miki?

Wane abu a labarin ya yi kama da abin da kuka sani a rayuwa?

Ba amanar yaro. In Inna za ta je unguwa, ni take bar wa ƙanena Sadiƙu. Da nakan bar shi a ƙofar gida in shiga ciki wasa. Tun da na karanta wurin da aka sace Umar, in zan shiga sai in ja hannunsa mu shiga tare.

Kalmomi uku da kuka koya a dalilin wannan littafi, ko a cikinsa ko wajen tambayar manya:

Ayari: taron fatake masu tafiya tare da dabbobinsu.
Madugu: shugaban ayari. Kakata ce ta gaya mini.
Zango: inda ayari yake sauka ya kwana. Na san zangon karatu, ban san wannan ba.

Taurari nawa za ku ba littafin cikin biyar? 4

Ina ɗayan ya tafi? Ƙarshen ya yi sauri. Ina son in ji yadda ya fara zama a Rauta da yadda mutane suka karɓe shi.

Wa za ku ba shawarar ya karanta? Zainabu ta ajinmu, domin tana son labarin tafiya. Amma ban da ƙanena, zai ji tsoron kurar.

KASHI NA SHIDA: A GIDA

Ku ba wani babba labarin da baki, ya rubuta abin da ya ji.

Hafsatu ta ba ni labarin bayan sallar isha'i, tun daga Kagara har Rauta, ba ta duba littafi ba. Ni ma na karanta shi ina ɗalibi. Mun yi gardama kan Abdulkarim, ba mu gama ba. Baban Hafsatu.

BAYANIN MALAMA

Hafsatu, madalla. Amsarki kan Abdulkarim ta fi komai faranta mini rai, ki riƙe tambayar nan, za mu buɗe zaman ƙungiya da ita ranar Laraba. A Kashi na Huɗu kin bar Makau a Makarfi ba ki sake waiwayarsa ba, ki koma littafin ki ga ko an faɗi abin da ya same shi, ki ƙara a bayan takarda. Babin uwar da kika ce za ki rubuta kuwa, ki gwada shafi ɗaya a littafin aikinki, ki fara daga ranar da ta dawo daga Fatika. Ki mayar da littafin ɗakin karatu kafin Juma'a, na rubuta sunan Zainabu a layi.