Takardar Yarjejeniyar Aure Tsakanin Aminu da Hadiza

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

An rubuta wannan takarda ranar Asabar, 11 ga Afrilu 2026, gabanin ɗaurin auren Aminu, malamin makaranta mai shekara 31, da Hadiza, ma'aikaciyar jinya mai shekara 25, wanda aka tsayar ranar Juma'a, 24 ga Afrilu 2026, in Allah Ya yarda. Mahaifin Hadiza, Malam Isa, shi ne waliyyinta, Aminu kuma ya wakilta baffansa, Malam Haruna. Aminu da Hadiza sun tabbatar a gaban shaidu cewa da yardarsu aka rubuta abin da ke ciki, cikin hankali da lafiya, ba tare da tilas ba. Madogararmu ita ce umarnin cika alkawari da ke farkon Suratul Ma'ida, da hadisin Uƙbatu ɗan Amir wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne waɗanda aka ƙulla aure a kansu.

Game da sadaki

An yanka sadakin Hadiza giram 20 na zinariya mai karat 21. Za a ba da giram 12 lakadan a wurin ɗaurin aure, a auna a gaban shaidu, sauran giram 8 kuma ajalan ne, wanda Aminu zai biya kafin ranar 24 ga Afrilu 2028 ko a ranar. An ambaci ranar ƙarara domin a mazhabar Imamu Malik ba a barin ajalin sadaki a dunƙule ba tare da an san lokacinsa ba, kuma an rubuta shi domin bashi ne, Suratul Baƙara aya ta 282 ta yi umarni da rubuta bashi. Idan Aminu ya so ya biya da kuɗi maimakon zinariya, to da farashin ranar biya za a yi lissafi, ba da na ranar ɗaurin aure ba. Wannan shi ya sa tun farko aka zaɓi awon zinariya, don kada faɗuwar darajar kuɗi ta cinye haƙƙin amarya kafin ya iso hannunta.

Sadakin nan mallakar Hadiza ce ita kaɗai, kamar yadda aya ta 4 ta Suratun Nisa'i ta tabbatar. Malam Isa zai karɓa a madadinta ne kawai, ya miƙa mata a ranar, kuma babu wanda zai taɓa shi, ko mahaifi ko miji, sai abin da ta bayar da daɗin rai. Idan ta yafe wani abu daga ajalan ɗin, sai ta faɗa da bakinta a gaban shaidu biyu, ɗayansu daga danginta, domin yafiyar da aka yi a ɗaki tsakanin miji da mata tana da wuyar tabbatarwa ranar da aka shiga gardama. Idan saki ya auku kafin saduwa, rabin sadakin ne nata, wato giram 10, bisa aya ta 237 ta Suratul Baƙara, sai ta mayar da giram 2 daga abin da ta karɓa. Idan Aminu ya rasu da saura a kansa, za a fitar daga dukiyarsa kafin rabon gado. Kyaututtukan da aka yi lokacin neman aure ba sa cikin sadaki.

Game da ciyarwa da muhalli

Daga ranar tarewa, ci da sha da sutura da muhallin Hadiza suna kan Aminu gwargwadon ƙarfinsa, kamar yadda aya ta 6 da ta 7 na Suratuɗ Ɗalaƙ suka zo da shi, kuma ya ƙara ɗaukar nauyin maganinta da kuɗin haihuwa. Zai ware kashi 35 cikin 100 na albashinsa don abinci da buƙatun gida, ya damƙa a cikin kwana biyar da samun albashi, da kuma kashi 5 cikin 100 don buƙatunta na kanta, wanda ba zai tambaye ta yadda ta kashe ba. Kuɗin haya da wuta da ruwa daban ne, shi zai biya kai tsaye. Sutura sau biyu a shekara.

Za su zauna a gida mai ɗaki biyu da Aminu ya kama, mai madafi da banɗaki nasu, kuma ba za a kawo wani ya zauna tare da su zama na dindindin ba sai da amincewarta.

Albashin Hadiza nata ne, kuma aikinta bai sauke wa Aminu komai daga ciyarwa ba. Duk abin da ta kashe a gida za a ɗauke shi kyauta, sai idan ta bayyana tun kafin bayarwa cewa rance ne aka kuma rubuta. Idan samun Aminu ya ragu ko aikinsa ya tsaya, zai sanar da ita cikin mako guda, su sake lissafi tare, ita ma ta yi alkawarin ba za ta ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Game da aikin gida

A nan ne aka fi daɗewa ana tattaunawa, domin Hadiza tana aikin dare wasu makonni, kuma Aminu ya nemi aurenta yana sane da haka. Ya amince ta ci gaba da aikinta, ba zai hana ta ba, sai idan wata cuta ta bayyana ga lafiyarta ko ga tarbiyyar yara, a nan ma sai an zauna da wakilan ɓangarori biyu. Hadiza ta ɗauki girki da tsabtar gida a ranakun da take gida. Aminu ya ɗauki cefane da gyare-gyare da wankin kayansa da gugarsu. A makon da take aikin dare, abincin dare da na safe suna kansa, ko ya dafa ko ya saya, kuma ba za a tashe ta daga barcin rana don hidimar baƙi ba. Bayan haihuwa zai ɗauko mai taimako na wata uku da kuɗinsa.

Hidimar mahaifiyar Aminu wajibinsa ce shi da 'yan'uwansa. Hadiza ta ce za ta girmama ta, ta taimaka iyakar iyawarta, an kuwa rubuta wannan a matsayin kyautatawa daga gare ta, ba za a tuhume ta a kai ba. Za ta ziyarci iyayenta sau ɗaya a mako, da duk lokacin da lalura ta taso, tare da sanar da mijinta.

Idan saɓani ya taso

Za su fara magana tsakaninsu. Idan abin ya gagara, Malam Haruna da kawun Hadiza, Malam Sani, su ne masu sulhu bisa aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, kuma sai sun kasa ne za a kai magana gaban alƙali. Idan aka yi saki wanda ake iya kome a cikinsa, Hadiza za ta yi idda a ɗakinta da cikakkiyar ciyarwa, idan kuma tana da ciki ciyarwar za ta ci gaba har ta haihu, ko wane irin saki ne. Ba za a canja wani abu a takardar nan ba sai da yardar su biyun a rubuce, kuma duk sharaɗin da malamai suka tabbatar ya saɓa wa shari'a ya faɗi shi kaɗai, sauran suna nan.

An karanta wa kowa takardar daga farko har ƙarshe, an yi kwafi huɗu, ɗaya ga ango, ɗaya ga amarya, ɗaya ga waliyyi, ɗaya ga wakili. Waɗanda suka sa hannu su ne Aminu, da Hadiza, da Malam Isa, da Malam Haruna, sai shaidu biyu, Malam Sani da Malam Yakubu, wanda shi ne ya rubuta.