Tsarin furotin na kullum ga Sadiq, mai nauyin kilo 70

Sadiq ƙanena, ga lissafin da na yi maka alkawari ranar Asabar bayan ka sauka daga sikeli. Ka ajiye shi a wayarka, ka kuma nuna wa Umma, tunda ita ke riƙe da tukunya.

Nauyinka kilo 70 ne, kana ɗaga ƙarfe kwana huɗu a mako. Mutumin da ba ya wannan aikin, giram 0.8 na furotin kan kowane kilo na jikinsa ya ishe shi a rana. Mai ɗaga ƙarfe kuwa yana buƙatar ninki biyu, wato giram 1.6, har zuwa 2.2 ga wanda ya so ya ƙure. Naka lissafin: 70 × 1.6 = 112. To giram 112 kake nema kullum, har da ranakun da ba ka zuwa motsa jiki, domin a ranakun hutu ne tsoka take gyara kanta. Idan nauyinka ya kai kilo 75, sai ka koma 120.

Na ga yadda ka tsaya kana juya robar garin furotin ɗin nan na waje da wani ya zo da ita, kana tambayar kuɗinta. Ludayinta ɗaya giram 24 ko 25 na furotin yake bayarwa. Gwangwanin madara ɗaya na ɗanyen wake ya fi shi, kusan giram 30 yake bayarwa. Kuɗin roba ɗaya zai saya maka waken da za ka daɗe kana ci, musamman idan aka auno shi da kwano a Dawanau lokacin kaka. Garin ba haramun ba ne, sauƙi kawai yake sayarwa, kai kuma ɗalibi ne.

Da safe ka ci ƙwai uku. Kowane ɗaya giram 6 ne, ka samu 18. Biredi da shayi mai madara za su ƙara maka kamar 7, ka tashi da 25. Ka dafa ƙwan ko mai shayi ya soya maka. Shan ɗanyen ƙwai da yaran wurinmu suke yi asara ce: kusan rabin furotin ɗinsa kaɗai jiki yake amfana da shi, dafaffe kuwa kusan kashi 90 cikin 100, ga kuma haɗarin ciwon ciki. Kada ka yar da gwaiduwa, kusan rabin abin da kake nema yana cikinta.

Abincin rana shi ne ginshiƙin tsarin nan, kuma a nan ne mutane suke ruɗin kansu. Mutum zai ce maka ya ci shinkafa da wake, ka leƙa kwanon ka tarar shinkafa ce fara sol, wake kamar an yafa shi don ado. Kai ka juya abin. Gwangwani ɗaya na wake, rabin gwangwani na shinkafa, a auna tun suna ɗanye. Waken 30, shinkafar kamar 5, jimla 35. Mai da yaji ko miya, duk wanda ka samu. Haɗa wake da hatsi yana da dalili: abin da furotin ɗin wake ya gaza da shi, hatsi yana da shi, abin da hatsi ya rasa kuma wake ya cike. Kakanninmu da suka haɗa mana garau-garau da ƙosai da koko sun riga mu gane wannan da cikinsu. Idan waken yana kumbura maka ciki, a jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan, a dafa shi ya yi laushi sosai. Makon farko ka fara da rabin gwangwani, cikinka zai saba. Ranar da ka gaji da shi, a yi maka alale ko faten wake da wannan awon dai. Ɗanwake kuwa ka tambayi yadda aka haɗa garin, domin wani rogo ne ya fi yawa a ciki, rogo kuma kusan babu furotin a cikinsa.

Bayan ka sauke ƙarfe da yamma, fura da nono. Kofi biyu na kindirmo mai kauri giram 16 ne, furar gero ta ƙara kamar 5, ka samu 21. Ka lura da nonon da aka tsinka da ruwa, wanda idan ka ɗaga ludayi yake zuba kamar ruwan wanki. Wannan rabin lissafin zai ba ka. Ka nemi mai nono ɗaya da ka yarda da ita, wadda take tafasa madararta kafin ta kwantar da ita, ka riƙe ta. Ba sai ka yi gudu daga wurin motsa jiki don kada wai lokaci ya wuce ba, ka yi wanka, ka yi Magariba, ka sha a natse.

Da dare tuwon gida ne, ba na so ka ware kanka daga tukunyar Umma. Malmala biyu na tuwon dawa ko masara za su ba ka kamar 10. Abin da za ka ƙara shi ne busasshen kifi, cikin tafin hannu ɗaya bayan an cire ƙaya, kimanin giram 30. Kusan rabin nauyinsa furotin ne, ka samu 15. A marmasa shi a miyar kuka ko kuɓewa. Dare ya tashi 25.

Idan ka tara, 25 da 35 da 21 da 25, ka kai 106. Sauran ka cike da ƙuli-ƙuli, cikin hannu ɗaya a aljihun jaka, kamar giram 10 na furotin ke nan, ka wuce 112 kaɗan. Ƙuli-ƙuli ya fi soyayyiyar gyaɗa yawan furotin saboda an matse mai. Amma duk gyaɗar da ka ji tana ɗaci ko ka ga ta yi fumfuna, ka tofar, gubarta hanta take taɓawa.

Ranar da ƙwai ya yi tsada ko nono ya yi wuya, awara ce mafitarka. Ɗanyen waken suya yana da giram 36 a cikin giram 100, babu ƙwayar da ta kamo shi a kasuwarmu. Soyayyiyar awara cike da ƙaramin faranti, kamar giram 150, ba za ta gaza 20 ba. Zancen da ake yi cewa waken suya yana rage wa namiji ƙarfi, an yi ta auna shi a kan maza, ba a ga ya rage musu sinadarin mazakuta ba. Ni kaina shekara shida ke nan ina cin ta kusan kullum. Nama kuwa, idan ya samu, dafaffen giram 100 yana da kamar 26, sai ya maye gurbin kifin dare. Fara ma idan lokacinta ya zo ka ci, kilishi kuma ka bar shi sai ranar da aka kawo tsaraba. Kwaɗon zogale yana da kyau ga jiki, sai dai ƙulin da ke ciki ne zai shiga lissafinka fiye da ganyen.

A watan azumi lambar ba ta canzawa, rabo ne yake komawa uku: buɗa-baki, bayan tarawihi, da sahur. Wake da ƙwai su tafi sahur.

Wannan tsarin na mai lafiyar ƙoda ne irinka. Idan abokinka mai hawan jinin nan ya ce zai kwafa, ka ce ya fara ganin likita. Kai kuma ka riƙa shan ruwa sosai, ka yi barcin awa bakwai zuwa takwas. Duk Asabar da safe, kafin ka ci komai, ka hau sikeli ka turo min lambar. Idan mun yi mako huɗu nauyinka bai motsa ba, abincin gaba ɗaya ne ya yi kaɗan, sai mu ƙara malmalar tuwo ɗaya da dare, mu bar furotin yadda yake.

Yayanka,
Kabiru