Taƙaitaccen Bayanin Ƙwarewa: Bakaniken Janareta da Injin Dizal

Zuwa ga Manajan Kamfanin Casar Shinkafa, game da gurbin mai kula da janareta

Ranka ya daɗe, ni bakaniken injin dizal ne, mazaunin Kano. Na shiga koyon aiki a 2006 a wani gareji da ke Ƙofar Ruwa, maigidana ya yaye ni a 2012. Daga nan zuwa 2017 na zauna a ƙarƙashinsa a matsayin babban yaro mai fita aikin waje, sannan na buɗe nawa wurin. Karatuna na boko ya tsaya a ƙaramar sakandare, kuma ba ni da takardar difloma. Ina karanta littafin inji da zanen waya, ina rubuta rahoto da Hausa da Turanci mai sauƙi. Abin da ke ƙasa shi ne abin da hannuna ya iya, kuma kowane ɗaya ana iya gwada ni a kansa a gaban injinku.

Injinan da na saba da su

Mafi yawan aikina a kan Perkins ne mai silinda 3, 4 da 6, daga 20 kVA zuwa 250 kVA. Na kuma yi aiki a kan Cummins har 500 kVA, da tsofaffin Lister na gidajen niƙa da rijiyoyin burtsatse. Wuraren da na yi wa aiki sun haɗa da masana'antun roba a Sharaɗa, gidajen ruwan leda, gidajen burodi da wani asibitin kuɗi.

Sabis da kulawar yau da kullum

Ina canza baƙin mai da filtarsa duk awa 250 na aiki, da mai 15W-40, kuma da mitar awa nake lissafi, ba da kwanan wata ba. Kowace safiya kafin a tayar da inji ana duba mai, ruwan lagireto, fambel da kan batir, a kuma tsiyaye ruwan da ya kwanta a gindin filtar dizal. Wannan na ƙarshen shi aka fi rainawa, alhali ruwa a cikin dizal shi ke cinye nozul da famfon mai.

A gidan casar shinkafa babban abokin gabar inji ƙura ce da ɓuntu. Suna toshe filtar iska, suna kuma liƙe wa lagireto ido, musamman idan akwai ɗan yoyon mai da zai kama su. Da hunturu ina duba filtar iska kullum. Lagireto kuwa ina hura shi ta ɓangaren da iska ke fita, don datti ya koma ta inda ya shigo. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, injin da lagiretonsa ya toshe rabi ba zai kai azahar ba zai kashe kansa. Ba na cire tamostat don inji ya daina zafi, kamar yadda wasu ke yi. Wannan ɓoye ciwo ne kawai, kuma injin da ke aiki da sanyi yana saurin cin ringi.

Gano matsala

A nan ne shekarun gareji suka fi amfani. Kafin in ɗauki sifana ina kallon hayaƙi, in saurari ƙara, in tambayi mai kula da injin abin da ya faru daf da lalacewar. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa: filta ta toshe, ko lodi ya yi yawa, ko nozul na zubarwa maimakon feshi. Shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai, ta ringi ko ta turbo. Farin da bai ɗauke ba bayan inji ya ɗumama, ko dai dizal ne da bai ƙone ba, ko ruwa ya shiga silinda ta gasket. Idan ruwa ne, za a ga lagireto na kumfa, ruwansa na raguwa ba tare da yoyo a waje ba.

Inji ya riƙa hawa da sauka da kansa, yawanci iska ce ta shiga layin mai. Ina bin layin daga tanki zuwa famfo, in ɗaure inda ke shan iska, in fitar da ita, kafin a fara zargin gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji. Idan kuma inji na juyawa lafiya amma babu wuta, ina fara tabbatar da gudunsa ya kai 1500 a minti, wato 50 Hz, sannan in auna dayod da AVR, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta. Sau da yawa ana sayen sabon AVR alhali waya ce ta saki.

Akwai matsalar da masu kamfani ba sa tsammani: babban janareta a kan ƙaramin lodi. Idan ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, zai fara tsiyayar baƙin ruwa mai kauri ta salansa. Maganinsa a ɗora masa lodi sosai na wasu awoyi ya ƙone dattin, a kuma samar da ƙaramin inji don wutar dare.

Sauke inji

Ina sauke inji gaba ɗaya in mayar: fistin, ringi, layina, metal, bawul da gasket. Ba na ɗaure kan silinda da ƙiyasi. Da sifanar awo nake yi, daga tsakiya zuwa gefe, bisa adadin da littafin injin ya faɗa. A Perkins 1103 da 1104 ina saita bawul inji na sanyi, na shiga 0.20 mm, na fita 0.45 mm. Kiranshaf da kan silinda ina auna su kafin in ce a kai wurin masu gogewa.

Ɓangaren wuta da lodi

Janareta mai 100 kVA kilowat 80 yake bayarwa, kusan amfiya 139 a kowane layi a kan 415V. Ina raba lodi daidai a layuka ukun, in bi da mita in tabbatar. Babbar motar lantarki ta injin casa tana jan ninki 6 zuwa 7 na wutarta a lokacin tashi idan an haɗa ta kai tsaye, shi ya sa nake tsara a tayar da manya tukuna, ɗaya bayan ɗaya, ƙanana su biyo baya. Ina haɗa canji-oba, ina karanta saƙon allon sarrafa janareta na Deep Sea in gyara abin da ya nuna. Ba na tsallake na'urar kashe inji ta zafi ko ta ƙarfin mai, ko da aiki ya matse.

Inda iyakata take

Gyaran cikin famfon mai da saita shi aikin masu bencin gwajin famfo ne. Nakan cire, in kai, in mayar in saita lokaci. Ba na naɗin koyil. Injinan zamani masu kwamfuta ina yi musu sabis da gyaran ƙarfe, amma abin da ya shafi shiga kwamfutar sai da mai na'urar.

Riƙon aiki da shaida

Kowane inji ina buɗe masa littafi: awa, man da ya sha, abin da aka canza da ranar. Tsohon kayan da na cire ina miƙa wa ma'aji tare da rasit ɗin sabo. Na yaye yara 4, biyu na da wurin kansu yanzu.

Maigidana da ya koya mini aiki da manajojin wurare 2 da nake yi wa sabis sun amince a tuntuɓe su, wasiƙunsu na haɗe da wannan takarda. Idan dokar kamfani na buƙatar takarda, a shirye nake in zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ina da kayan aikina, ina yin aikin dare da na kwana, kuma zan iya farawa mako 2 bayan an kira ni. Ina roƙon a ba ni rana guda a ɗakin janaretanku tare da injiniyan kamfani, in duba injinan, in rubuta muku halin da kowanne yake ciki da abin da yake buƙata kafin kakar shinkafa.