Takardar Neman Sake Duba Buƙatar Biyan Fansho

Unguwar Gangare,
Jos, Jihar Filato.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Shugaban Sashen Biyan Haƙƙoƙi,
Kamfanin Kula da Asusun Fansho,
Reshen Jos.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarku ta 23 ga Satumba, 2024 ta iso ni, wadda a cikinta kuka ce ba za a biya ni haƙƙin ritaya ba saboda bayanan kuɗin da aka zuba mini ba su cika ba. Ban gamsu da wannan hukunci ba, kuma ina roƙo a sake duba shi.

Na yi aikin kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya a nan Jos daga 2003 har zuwa 30 ga Yuni, 2024, ranar da na ajiye aiki ina da shekara 60. A wurinku na buɗe asusu a 2006, ban taɓa komawa wani kamfanin fansho ba. Giɓin da kuka nuna wata 30 ne, daga Maris 2011 zuwa Agusta 2013. Lallai babu waɗannan watanni a bayanan asusuna. Amma babu wata ko guda a cikinsu da ba a cire mini kuɗi ba.

A lokacin dokar fansho ta 2004 ce ke aiki: kashi 7.5 cikin ɗari daga ma'aikaci, 7.5 daga mai aiki, kafin dokar 2014 ta mayar da su 8 da 10. Albashin da ake yi mini lissafi a kansa naira 60,000 ne, saboda haka ana cire mini 4,500, kamfani ya ƙara 4,500. Jimilla naira 270,000 ke nan a wata 30, ban da ribar da ya kamata kuɗin su tara cikin sama da shekara goma.

Da takardarku ta zo, na kai ta tsohon wurin aikina. Akanta ya buɗe fayil, sai ga inda gizo ke saƙa. A jadawalin da ke raka kuɗin duk wata, an juya alƙaluma biyu na ƙarshen lambar fanshona tun daga Maris 2011, ba a gyara ba sai a Satumba 2013. Sunana daidai yake a kowane shafi. Rasidan banki kuma sun nuna kuɗin sun shiga hannun ma'ajin da ke riƙe kuɗin kamfaninku. Wato kuɗin sun iso, asusuna ne kawai ba su shiga ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ranka ya daɗe, ma'aikaci ba ya rubuta jadawali, ba ya ma ganin sa. Sashe na 11 na dokar 2014 a kan mai aiki ya ɗora nauyin cire kuɗin da tura su cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Daidaita abin da ya shigo da asusun mai shi kuwa aikinku ne. Kuɗin da suka zo da lambar da ba ta dace da suna ba, kamata ya yi a tuntuɓi wanda ya turo su tun a lokacin, ba a bari sai mutum ya tsufa ya zo karɓa a ce masa bayanansa ba su cika ba.

Na haɗo kwafin takardun albashi na wata 26 daga cikin 30 ɗin. Sauran huɗun, bayanin asusuna na banki ya nuna abin da ya shigo daidai yake da na watannin da aka cire kuɗin. Akwai kuma jadawalin duka watannin da rasidansu, da wasiƙar kamfani mai hatimi da ke tabbatar da kuskuren lambar, da takardar ajiye aiki. Na asali suna hannuna in ana son gani.

Roƙona shi ne a nemo kuɗin nan a zuba su a asusuna tare da ribarsu, a janye hukuncin 23 ga Satumba, a ci gaba da shirin biyana: kaso na dunƙule, sauran kuma duk wata. In binciken zai ɗauki lokaci, a fara biya a kan abin da ke cikin asusun yanzu, domin babu mai jayayya a kansa. Tun ƙarshen Yuni albashi ya tsaya, ga iyali, ga maganin hawan jini da ba ya jira.

Ina neman amsa a rubuce cikin kwana 21. In ba a warware ba, zan kai maganar gaban Hukumar Fansho ta Ƙasa a Abuja domin ta sake duba hukuncin, kamar yadda doka ta ba ni dama.

Allah ya ƙara girma.

Naka cikin girmamawa,
Malam Haruna,
tsohon mai kula da sito.