Takardar darasi: karanta giraf na nisa da lokaci, da fitar da sauri daga karkatar layi

Aji 1 na babbar sakandare, darasin fiziks na minti 80. Kayan aiki: takardar giraf, rula, fensir, tef na awo, da agogon ƙirga daƙiƙa guda huɗu (na waya ma ya wadatar).

A fara a filin makaranta, kada a wuce minti 20. A auna mita 20, a aje dutse a kowace mita 5, ɗalibi ɗaya da agogo a gefen kowane dutse. Da malam ya tafa, duk su danna agogo tare, wani ɗalibi ya taho da tafiya wadda ba ta sauyawa. Kowa ya tsayar da nasa idan an wuce shi. Za a samu lambobi kusa da daƙiƙa 4, 8, 12 da 16. A maimaita da sassarfa. A aji, a zana tafiya biyun a takarda ɗaya, lokaci a layin kwance, nisa a layin tsaye. Kada malam ya riga su faɗa. Su da kansu za su ga layin mai sassarfa ya fi miƙewa sama.

Sai misalin allo. Ɗalibi ya fita daga gida a keke, ya yi kilomita 3 cikin minti 10. Taya ta sace, ya tsaya wurin mai faci daga minti 10 zuwa 20. Ya ci gaba, ya isa makaranta a minti na 40, kilomita 8 daga gida. Ma'auni: santimita 2 ga minti 10, santimita 1 ga kilomita 1.

Kafin lissafi, su ba da labarin layin da baki. A nan yawanci ake tuntuɓe, domin yara na ɗaukar giraf hoton hanya ne. Wani zai ce keken ya hau tudu, ya bi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya sake hawa. A tambaye shi, nisansa nawa a minti 12? A minti 18 fa? Idan ya ga duka kilomita 3 ne, zai gane lokaci na tafiya amma mai keke yana tsaye. Wanda bai kama wannan ba, kada a wuce da shi zuwa lissafi, ko da darasin zai ci rana biyu.

A rubuta ƙa'idar:

```
v = (d2 - d1) / (t2 - t1)
```

Wato sauri shi ne karkatar layin: bambancin nisa a raba da bambancin lokaci. Kashin farko: kilomita 3 cikin minti 10, kuma minti 10 kashi ɗaya cikin shida na awa ne, ke nan 18 km/h. A raba da 3.6, a samu 5 m/s. Kashin tsakiya sifili ne.

Kashi na uku shi ne gwajin gaskiya. A zana alwatika a ƙarƙashin layin: tsayinta 8 a cire 3, kilomita 5, faɗinta 40 a cire 20, minti 20. Amsa 15 km/h. Da yawa za su kawo 12, saboda sun ɗauki kilomita 8 sun raba da minti 40 kamar yadda ya yi musu aiki a kashin farko. Ya yi aiki a can ne kawai don layin ya tashi daga sifili. Wasu za su kawo 1.25: sun auna santimita 5 da 4 da rula, sun manta da ma'auni. Akwai kuma masu rubuta minti 20 a matsayin awa 0.20, su samu 25. A tuna musu minti 60 ne awa.

Alwatikar ta zama babba, ta ci aƙalla rabin layin, domin a ƙarama kuskuren karanta ɗigo ɗaya na ɓata amsa sosai. Gara su saba tun yanzu, kafin jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO.

Lambar 12 ɗin nan tana da amfani: ita ce matsakaicin saurin tafiyar gaba ɗaya, kilomita 8 cikin minti 40, har da zaman faci. Wanda ya haɗa 18 da 15 ya raba biyu zai samu 16.5, kuma ba daidai ba ne, tunda lokutan ba ɗaya ba ne.

Layi mai lanƙwasa a taɓa shi kaɗan kawai: sauri na sauyawa ke nan, kuma ana ɗora rula ta shafi layin a ɗigon da ake so, a fitar da karkatarta. Cikakken bayani sai mako mai zuwa.

Aikin gida: mota ta yi kilomita 30 cikin minti 30, ta tsaya minti 15 shan mai, ta ƙara kilomita 45 cikin minti 45. Su zana, su fitar da saurin kowane kashi da matsakaicinsa. Amsa ga malam: 60, 0, 60, matsakaici 50 km/h. Wurin maki a duba ko layin farko da na uku sun karkata daidai da juna.